Gem na cijewa? Duba ram ɗinka kafin ka sayi sabuwar kwamfuta

Duk mai buga gem a ƙaramar kwamfuta ya san wannan takaicin. Lambar da ke kusurwar allo tana nuna hoto 60 a sakan ɗaya, alamar komai lafiya ke nan, amma da zarar mota ta sha kwana ko 'yan wasa sun cunkushe a bakin raga, sai hoto ya cije na ɗan ƙiftawar ido, sannan ya fizga ya ci gaba. Da yawa sukan ɗora laifin a kan rashin katin hoto mai tsada, su fara tara kuɗin da ba su da shi. Alhali a kwamfutocin da aka haɗa da kuɗi kaɗan, sau da yawa matsalar tana ga ram: ko dai sanda ɗaya tal aka sa, ko kuma sandunan suna gudu ƙasa da saurin da aka rubuta a jikinsu. Gyaran na biyun kyauta ne. Na farkon kuma kuɗin sanda ɗaya kawai zai ci.

Abin da lambar kusurwa take ɓoyewa

Motsin da muke gani a gem jerin hotuna ne da kwamfuta ke zanawa ɗaya bayan ɗaya. Idan tana zana 60 a sakan kuma tazarar da ke tsakaninsu daidai take, kowane hoto yana ɗaukar milisakan 16.7, wato kashi 16.7 cikin dubu na sakan. Wannan lokacin da kowane hoto ke ɗauka shi ido yake ji, ba jimillar ba.

Ga lissafi mai sauƙi. A ce cikin sakan guda kwamfuta ta zana hotuna 57 kowanne a milisakan 15, sannan wasu uku suka ɗauki milisakan 50 kowanne. Na farkon sun ci 855, na biyun sun ci 150, duka 1005, kusan sakan ɗaya cif. Ma'aunin kusurwa zai rubuta 60, kuma bai yi ƙarya ba. Amma sau uku a cikin wannan sakan hoto ya tsaya fiye da ninki uku na lokacin da ido ya saba. Waɗannan ukun su ne cijewar. Shi ya sa masu gwajin kwamfuta ba sa tsayawa ga matsakaici. Suna duba wani adadi da manhajojin awo ke rubutawa `1% low`, wanda ke nuna saurin hotunan da suka fi kowanne jinkiri. Idan matsakaici 60 ne amma wannan adadin 25, gem ɗin zai wahalar da mai bugawa. Idan matsakaici 50 ne shi kuma 42, za a ji shi sumul.

Me ya haɗa wannan da ram

Ram ita ce wurin da kwamfuta ke ajiye bayanan da take aiki da su a yanzu-yanzu: taswirar filin gem, fatun gine-gine da na motoci, sauti, da matsayin kowane ɗan wasa. Furosesa tana da 'yar ma'ajiya a cikinta mai matuƙar sauri, amma ƙarama ce. Duk abin da ba ta samu a ciki ba sai ta aika a ɗebo daga ram, ta zauna jira. A lokacin da gem yake tafiya a natse, yawancin abin da take buƙata yana kusa. Amma idan aka shiga sabuwar unguwa a cikin gem, ko wani abu ya fashe, buƙata takan taso gaba ɗaya, jira ya yi yawa, hoton wannan lokacin ya makara.

Abin ya fi tsanani a kwamfutar da ba ta da katin hoto. Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe: furosesa Ryzen 5 5600G, wadda kamfanin AMD ya fitar a 2021, kuma masu haɗa kwamfuta da ƙaramin kuɗi suka rungume ta saboda sashen zana hoto yana cikinta. Wannan sashen ba shi da ram tasa. Ram ɗin kwamfutar yake rabawa da furosesa, ta hanya guda suke ɗiba. Katin hoto mai sauƙin kuɗi irin GTX 1650 na farko yana da ram tasa da ke iya kai masa gigabayit 128 a sakan, shi kaɗai. Ka riƙe wannan adadin, domin yanzu za mu ga abin da tamu kwamfutar take samu.

Tsakanin furosesa da ram akwai layi. A ram irin DDR4, faɗin layi ɗaya bayit 8 ne a kowane jigila. Lambar da ake kiran ram da ita, kamar 2133 ko 3200, tana nufin miliyoyin jigila a sakan. Saboda haka sanda ɗaya mai gudun 2133 iyakar abin da za ta iya kaiwa shi ne 2133 sau 8, kimanin gigabayit 17 a sakan. Furosesar kuwa an yi ta da layi biyu, amma sanda ɗaya layi ɗaya kawai take cikewa, ɗayan yana zaune a banza. Kamar sito ne mai ƙofa biyu da aka garƙame ɗaya: komai ƙarfin 'yan dako, sai sun bi layi.

Idan aka sa sanda ta biyu a gurbin da ya dace, adadin ya zama gigabayit 34. Idan kuma aka ɗaga gudun zuwa 3200, sai ya zama 3200 sau 8 sau 2, wato gigabayit 51.2 a sakan. Ninki uku ke nan na inda aka fara, da furosesa ɗaya, da madabod ɗaya. Wannan ba ya nufin gem zai ninka sauri sau uku, domin ba ram kaɗai ke riƙe shi ba. Abin da yake nufi shi ne, a daidai lokacin da buƙata ta taso gaba ɗaya, akwai sararin ɗaukarta, kuma hotunan nan masu makara su ne kan fara amfana.

Dalilin da ram ba ta gudu yadda aka rubuta a jikinta

Mutum zai sayi ram an rubuta 3200 a kwalinta, ya sa, ya ɗauka shi ke nan. Ba haka abin yake ba. A jikin kowace sanda akwai wani ɗan ƙaramin guntu da ke ɗauke da bayanan saitinta. Idan kwamfuta ta tashi, madabod yakan karanta shi ya zaɓi saitin da ƙungiyar JEDEC, mai tsara ƙa'idojin ram, ta amince da shi, domin shi ne aka tabbatar zai tashi a kowace kwamfuta. Ga yawancin sandunan DDR4 da ake sayar wa masu gem, wannan saitin 2133 ne, ko 2400, ko 2666, da wuta folt 1.2.

Saitin da aka rubuta a kwali yana nan a cikin guntun, amma a matsayin zaɓi na daban da sai an kunna. Sunansa XMP, kuma kamfanin Intel ne ya ɓullo da shi a 2007. Yana ɗauke da abu uku: gudu, jinkirin amsawa, da ƙarfin wuta. Sanda da aka rubuta wa `DDR4-3200 CL16 1.35V` tana cewa ne: zan yi gudun 3200, zan amsa kira bayan bugu 16, amma a ba ni folt 1.35. Ba faɗin jigila kaɗai ke ƙaruwa ba, har jiran amsa yana raguwa. A gudun 2133 da `CL15`, wannan jiran kimanin nanosakan 14 ne. A 3200 da `CL16`, nanosakan 10 ne. A furosesoshin Ryzen irin wannan akwai ƙarin riba, domin hanyar cikin gida da ke haɗa sassan furosesar tana bin gudun ram ne. Idan ram ta yi sauri, ita ma ta yi.

Fara da gano halin da kake ciki

Kada ka buɗe komai tukuna. A Windows, danna `Ctrl+Shift+Esc`, ka shiga `Performance`, sannan `Memory`. A ƙasa za ka ga `Speed` da `Slots used`. Idan ka ga 2133 da `1 of 2` ko `1 of 4`, to matsalolin biyu duk kana da su.

Wannan shafin ba ya faɗin ko layi biyu na aiki. Don haka sai manhajar CPU-Z, wadda kyauta ce. A shafinta na `Memory` akwai wurin da ke nuna layi: `Single` ko `1 x 64-bit` layi ɗaya ne, `Dual` ko `2 x 64-bit` layi biyu. Akwai abin da ke rikita mutane a nan. Wurin da aka rubuta `DRAM Frequency` rabin adadin yake nunawa, domin ram ɗin tana jigila sau biyu a kowane bugu. Idan ka ga kusan 1600, ram ɗinka tana kan 3200 ke nan, lafiya lau. Idan ka ga kusan 1066, tana kan 2133. Shafin `SPD` kuma zai nuna maka ko sandar tana da saitin XMP ma tun asali, da lambar samfurinta, wadda za ka buƙata wajen nemo mata 'yar'uwa.

Sai ka auna gem ɗin kafin ka taɓa komai. Manhajar MSI Afterburner tare da RivaTuner tana zana layin lokacin hoto a kan allo yayin da kake bugawa. Zaɓi wuri ɗaya a gem ɗin, ka bi hanya ɗaya na minti biyu, ka rubuta matsakaici da `1% low`. Layin da ya miƙe shi ake nema. Layi mai tsini-tsini shi ne cijewa. In ba ka yi wannan awon ba, ba za ka san ko gyaran ya yi aiki ba, zato kawai za ka yi.

Sanda ta biyu da gurbin da ya dace

A misalinmu, a ce akwai sanda ɗaya mai gigabayit 8. Abin da ya fi shi ne a samo irinta sak: girma ɗaya, gudu ɗaya, lambar samfuri ɗaya. Wanda kuma bai riga ya saya ba, ya nemi sanduna biyu masu gigabayit 8 da aka sayar a kwali ɗaya, domin an gwada su tare. Ga kwamfutar da ba ta da katin hoto, biyu masu 8 sun fi ɗaya mai 16 nesa ba kusa ba, ko da yake jimillarsu ɗaya ce. Mai shago zai iya ce maka ɗaya mai 16 ta fi saboda ka ƙara wata nan gaba. Maganarsa tana da hujja idan da gaske za ka ƙara ba da daɗewa ba. In ba haka ba, rabin layinka za ka yi ta amfani da shi.

Sanda ta biyun tana kawo wani amfanin kuma. Da gigabayit 8 kacal, bayan sashen hoto ya yanki rabonsa kuma Windows ta ɗebi nata, abin da ya rage wa gem ba shi da yawa. Idan ya ƙare, kwamfuta takan koma ajiye bayanai a faifai, wanda ya fi ram jinkiri ƙwarai, kuma wannan shi ke kawo cijewa mafi muni.

Wajen sawa, kashe kwamfutar, zare wayar wuta daga bango, ka danna maɓallin kunnawa na 'yan sakanni don sauran wuta ta fice. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka ɗauki sandar, musamman da hunturu, lokacin da bushewar iska ke sa jiki tara 'yar wutar nan da ke tartsatsi, wadda tana iya lalata ram. Riƙe ta ta gefe, kada ka taɓa haƙoranta masu ruwan zinariya. Akwai tsaga a ƙasanta da sai ta dace da ta gurbin. Danna har makullan su kama da kansu.

Idan madabod ɗin gurbi biyu gare shi, ba ka da abin tunani, cike su kawai. Idan huɗu ne, a nan ake yawan kuskure. Gurabe biyu na farko daga wajen furosesa na layi ɗaya ne, biyun ƙarshe na ɗayan. Wanda ya jera sandunan kusa da juna, a na ɗaya da na biyu, ya zuba su a layi ɗaya ke nan, bai samu komai ba sai ƙarin girma. A mafi yawan madabod, wurin da ya dace shi ne gurbi na biyu da na huɗu, waɗanda aka rubuta wa `A2` da `B2`. Littafin madabod ɗin shi ke da magana ta ƙarshe.

Kunna XMP

Tada kwamfutar, ka riƙa danna `Del` ko `F2` har shafin BIOS ya buɗe. Sunan saitin ya danganta da kamfanin madabod. A Gigabyte za ka ga `Extreme Memory Profile (X.M.P.)`, ka zaɓi `Profile1`. A ASRock `Load XMP Setting` ne. A madabod na AMD, kamfanin MSI yana kiransa `A-XMP`, ASUS kuma `D.O.C.P.` a ƙarƙashin `Ai Overclock Tuner`. A sababbin kwamfutocin AMD masu DDR5 za ka ga `EXPO`, wanda ya fito a 2022, aikinsu ɗaya. Bayan ka zaɓa, duba ka ga gudun ya koma 3200 kuma wutar ram ta koma 1.35. Danna `F10` ka adana.

Tashin farko yakan ɗan jima, allo ya yi baƙi, wani lokaci kwamfutar ta mutu ta sake tashi da kanta. Madabod ne yake daidaita kansa da sabon gudun. Ba ta minti biyu zuwa uku kafin ka tsorata. Idan Windows ta buɗe, koma CPU-Z ka tabbatar da abu biyu: kusan 1600, da layi biyu.

Idan abu ya ƙi

XMP tura ram ne sama da saitin da kowa ya amince da shi, saboda haka ba a ba da tabbacin zai zauna a kowace kwamfuta. Kamfanonin furosesa ma suna lissafa shi a cikin tura na'ura fiye da ƙa'ida, abin da ke iya shafar garanti. A misalinmu haɗarin kaɗan ne, domin 3200 shi ne gudun da AMD da kanta ta rubuta wa 5600G.

Idan kwamfutar ta ƙi tashi sam, ba ta ƙone ba. Madabod da yawa sukan koma tsohon saiti da kansu bayan sun gwada sun kasa. In bai koma ba, zare wuta, ka cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, `CR2032`, na kamar minti biyar, ka mayar. BIOS zai dawo yadda ya zo daga kamfani, sai dai ka gyara agogo.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne kwamfutar da ta tashi amma ram ɗinta tana kuskure a ɓoye. Alamunsa su ne gem ya rufe kansa ba dalili, ko shuɗin allo mai rubutu irin `MEMORY_MANAGEMENT`, ko fayil da aka sauke ya ƙi buɗewa. Ram mai kuskure tana iya ɓata maka takardu ba ka sani ba. Don haka gwaji wajibi ne. Windows tana da nata, ana kiransa da wannan umarnin:

```
mdsched.exe
```

Wannan gwajin sama-sama ne. Wanda ya fi zurfi shi ne MemTest86, da ake tadawa daga filasha a bar shi ya yi zagaye huɗu. Yana ɗaukar awanni, sai a zaɓi lokacin da ake da tabbacin wuta. Kuskure ko ɗaya ne ya fito, saitin bai zauna ba. Maganin farko shi ne a bar XMP a kunne amma a sauke gudun da hannu mataki ɗaya, daga 3200 zuwa 3000 ko 2933, a sake gwadawa. Hakan yakan faru idan sandunan ba iri ɗaya ba ne, ko an cike gurabe huɗu. Sabunta BIOS ma yakan taimaka, amma kada ka kuskura ka fara shi ba tare da batirin ajiyar wuta ba. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aikin, madabod na iya ƙin tashi daga nan.

Inda gyaran ya tsaya

Ba kowace kwamfuta ke da XMP ba. Kwamfutocin ofis na hannu da suka cika kasuwanninmu, irin su Dell OptiPlex da HP ProDesk, galibi BIOS ɗinsu ba shi da wannan zaɓin, haka ma yawancin laftof. Mai irin wannan kada ya ɓata kuɗi a kan ram mai ado ta masu gem, domin za ta sauka zuwa ƙaramin gudunta ne. Ya nemi ram gama-gari wadda gudunta na asali ya kai iyakar abin da furosesarsa ke ɗauka. Layi biyu kuwa yana aiki a kansu, muddin akwai gurbi na biyu, kuma shi ne ma babban rabon ribar.

A ɓangaren Intel, madabod masu sauƙin kuɗi suna da rufi. Furosesa Core i3-10100 a kan madabod H410 ba za ta wuce 2666 ba, ko da sandar ta 3200 ce. Sai daga B560, a 2021, Intel ta buɗe wa matsakaitan madabod damar wuce gudun da aka ƙayyade.

Wanda yake da katin hoto daban zai ga riba, amma ba kamar ta marar kati ba, kuma ta fi fitowa a wasannin da ke wahalar da furosesa. Sannan akwai cijewar da ba ruwanta da ram. Idan gem yana kan tsohon faifai mai juyawa, sai an koma SSD. Idan kwamfutar tana farawa lafiya sannan ta lalace bayan rabin awa, zafi ne, a duba ƙura da fanka, musamman a watannin bazara. Idan a wasan intanet kawai abin ke faruwa, sabis ne. Awon da ka yi da farko shi zai raba maka gardama: koma wurin nan na gem ɗin, ka bi hanyar nan, ka kwatanta. In `1% low` ya matso kusa da matsakaici kuma tsinin layin ya ragu, ka kama ɓarawon. In bai canza ba, ka san ram ta fita daga zargi, sai a nemi wani wurin.

Mai karatu, idan kana shirin haɗa kwamfuta, ka ce wa mai haɗawar sanduna biyu kake so, kuma kada ka bar shagon sai ya nuna maka gudun da layi biyun a kan allo. Idan kuma tana gida tuni, ka buɗe ka duba yau. Kuɗin wannan saurin ka riga ka biya shi tun ranar da ka sayi ram ɗin, haƙƙinka ne ka more shi.